Na gwada sabon mai a hannu, yana mini raɗaɗi: in ci gaba ko in bari?

Maman Hanif: Salamu alaikum 'yan uwa. Na sayi man fuska mai sinadarin gilaikolik saboda tabon ƙuraje. Kafin in kai fuska na shafa kaɗan a cikin lanƙwasar gwiwar hannuna. Sai ya yi mini raɗaɗi kamar yaji ya taɓa ni, wajen minti 3, ya daina. Yau kwana 2 ke nan ina shafawa, ban ga wurin ya yi ja ba. Wadda ta taɓa gwadawa ta gaya mini yadda ta gani.

Ummi Zariya: Wa alaikumus salam. Ai raɗaɗin nan shi ne alamar yana aiki, Anti. Nawa ma haka ya yi, na ci gaba, lafiya lau.

Anti Binta: Ummi, kin faɗi rabi. Mai irin wannan mai tsami yana iya yin ɗan raɗaɗi ya wuce, musamman da hunturu da fata ke tsagewa. Amma ba shaidar aiki ba ne, fata ce ke nuna an taɓa ta. Na yi shekaru ina aikin jinya, kuma abin da nake tambaya shi ne yaushe abin ya fara, kuma raguwa yake ko ƙaruwa. Raɗaɗin da ya zo nan take, ya tsaya inda aka shafa, ya lafa cikin mintuna, yawanci ƙarfin man ne. Na alaji ba ya gaggawa. Sai bayan kwana 1 zuwa 3 ya fito, ƙaiƙayi ne ke kan gaba, da ƙananan ƙuraje, wani lokaci masu ruwa, kuma yana iya wuce iyakar wurin da aka shafa. Don haka kwana 2 ya yi kaɗan, Maman Hanif. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka tana ba da shawarar a shafa sau 2 a rana a wuri ɗaya, na kwana 7 zuwa 10. Faɗin wurin kamar murfin kwalbar lemo ya isa.

Kuma kada ki jira ja. A baƙar fata irin tamu sau da yawa wurin duhu yake ƙarawa ko ya yi toka-toka. Ki shafa da yatsa ki kwatanta da ɗaya hannun, a hasken rana. In ya tashi, ya yi kaushi ko ya yi ɗumi, ki ɗauke shi a matsayin jan da kike nema.

Hajiya Rabi: Ni shaida ce kan jinkirin nan. Da bikin ƙanwata aka yi mini kunshi da baƙin dayis. Na sa mai lallen ta ɗiga mini a hannu, na jira awa 1, ban ji komai ba, na ce ta zana. Kwana na 3 duk zanen ya kumbura yana ruwa, ƙaiƙayi ya hana ni barci. A asibiti aka ce sinadarin PPD ne, kuma likita ya hana ni rinin gashi mai shi har abada. Tabon fulawar ya yi watanni a hannuna.

Zee: Ni fa tambayata, wane mai ne ya fi saurin cire tabo? Bikina saura wata 1.

Anti Binta: Zee, ki buɗe wannan daban, amma kada ki fara sabon mai dab da biki. Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Baƙin dayis a fata ko gwajinsa ba na so a yi, don gwajin kansa yana iya koya wa jiki ƙin sinadarin.

Maman Sultan: Ni nawa ya ci gwajin, mako guda a hannu ba komai, da na kai fuska sai gefen hancina da ƙasan idona suka yi ta zugi suna saɓa. Tun daga nan, bayan hannu sai in ƙara kwana 3 a ƙasan muƙamuƙi. Na kuma daina rufe wurin da filasta. Na taɓa yi da retinol, wurin ya ƙone, har yau ban rabe ba ko man ne ko gam ɗin filastar.

Anti Binta: Rufewa tana ƙara wa mai ƙarfi, mai tsami da retinol a bar su a buɗe. Akwai kuma abin da gwaji ba ya kamawa: man haɗi na kanti mai sitiroyid a ciki, irin kilobetasol. Shi yana danne ƙaiƙayi da kumburi ne, sai ya ci gwaji sumul, illarsa sai bayan watanni, fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana. In kuwa wuri ya tashi, a wanke, a ɗora tsumma mai sanyi, a shafa basilin. Amma borin jini cikin mintuna tare da kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, wannan asibiti ne nan take.

Ummi Zariya: To ni dai nawa bai yi mini komai ba, har yanzu ina ganin ɗan raɗaɗi ba laifi.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai. Yanzu na duba a rana, wurin ya ɗan fi ɗaya hannun kaushi, amma ba ƙaiƙayi ba ƙuraje. Anti Binta, in koma sau 1 a rana in cika kwana 7, ko in huta tukuna?