"Hular kwano maganin mutuwa": shin wannan taken zai karɓu?

Baban Ummi: Jama'a, an ɗora mini samo taken gangamin sa 'yan acaɓa su riƙa sa hular kwano. Na zaɓi "Hular kwano maganin mutuwa". Ni dai a ganina sai an tsorata mutum yake ji. Me kuka gani?

Malam Isa: Baban Ummi, wannan ba zai shiga ba. Wanda kake son ya ji, da ya karanta zai ce mutuwa ba ta da magani, ajali idan ya zo ko da hula goma sai an tafi. Ka ga ka ba shi amsa a hannu tun kafin a fara magana.

Ɗan Acaɓa Na Gaske: Gaskiyar Malam. Kuma ni da idona na ga abokin sana'ata ya faɗi da hula a kansa, hular ta yi gabas shi ya yi yamma. Har yau ba ya iya magana sosai. To ina maganin?

Anti Hauwa: Allah ya ba shi lafiya. Amma ƙanena, tambaya ɗaya: ya ɗaure igiyar haɓa?

Ɗan Acaɓa Na Gaske: Anti, wa ke ɗaurewa a wannan zafin? Ɗora ta muke yi saboda masu kame.

Anti Hauwa: To matsalar ke nan, kuma a kanta ya kamata taken ya tsaya. Aikina jinyar waɗanda suka yi haɗari ne. Idan babur ya daki abu ya tsaya cak, jikin mutum yana ci gaba da tafiya, kai ya fizgu gaba, hular da ba a ɗaure ba ta fice tun yana iska. Sai kan ya sauka a kwalta tsirara. A idon jama'a ya sa hula, amma lokacin da ake buƙatarta ba ta nan.

Kuma ba ƙwanson waje ke yin babban aikin ba. Farin soso mai tauri da ke ciki shi ne yake murƙushewa ya shanye bugun, don kada ƙwaƙwalwa ta daki ƙoƙon kai da ƙarfi. Shi ya sa hular da ta taɓa shan bugu mai tsanani ta gama aiki ko da ba ta tsage ba, domin soson ba ya komawa yadda yake. Igiyar kuma a ja ta har ya zama yatsa biyu kaɗai ke shiga tsakaninta da haɓa. Ka kama hular ta baya ka turo ta gaba: idan ta zame ta fita, ta yi maka yawa.

Baban Ummi: Na ji, amma ai tana hana mutuwa. Ba ƙarya na yi ba.

Anti Hauwa: Tana ragewa. Hukumar Lafiya ta Duniya a baya ta sha kawo cewa hular da aka sa daidai tana rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 42 cikin ɗari, raunin kai kuma da kusan kashi 69. Wannan babban abu ne, amma ba duka ba ne. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin bugun ninki huɗu yake yi, kuma babu hular da za ta tare ƙirji ko ciki idan aka yi taho-mu-gama da babbar mota. Ranar da mai hula ya rasu, abokansa za su nuna allonku su ce ga ƙarya.

Maman Khalifa: Ni fa ban ga laifin na Baban Ummi ba. Mijina kullum da hularsa ta wajen gini yake hawa babur, mai ruwan ɗorawa, kuma lafiya lau.

Anti Hauwa: 'Yar'uwa, don Allah ki sa ya canja. Waccan an yi ta ne don abin da zai faɗo daga sama. Ba ta da soson, ba ta rufe gefen kai da ƙeya.

Malam Isa: To ga shawarata: "Ɗaure hularka, sannan ka yi tawakkali." Kowa ya san hadisin mutumin da Annabi (SAW) ya ce wa ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Wannan ya rufe maganar ajali, kuma ya faɗi aikin da ake so a yi.

Ɗan Acaɓa Na Gaske: Ya yi daɗi, Malam, amma ya yi tsawo a bayan riga, kuma ba duk 'yan acaɓa ne Musulmi ba. "Sa kwano, ɗaure igiya" ya fi saurin karantuwa ga mai tafiya. Sai dai ku sani, zafi gaskiya ne, kuma mai rufe fuska gaba ɗaya tana sa fasinja ya ƙi tsayar da kai, yana tsoron ko ɓarawo ne.

Baban Ummi: Naka ya faɗi abin yi, amma bai faɗi dalili ba. Me zai sa mutum ya damu? Ni har yanzu ina son a ambaci mutuwa ko iyali.

Anti Hauwa: Dalilin ku bar wa hoto da rediyo. Kafin a buga, ku kai duka ukun wajen da suke jiran fasinja, ku karanta musu, gobe ku koma ku ji wanne suka riƙe.

Maman Khalifa: Fasinja fa? Ni ba zan sa hular da kowa ya yi gumi a ciki ba, kuma ɗaurin ɗankwalina ba zai shiga ba. Wane taken ne namu?