Muhawara: Hedimastanmu shugaba ne ko ɗan kasuwa?

Malam Sani: Jama'a, ku raba ni da wannan. Yau na iso makaranta ƙarfe 8:07, na tarar hedimasta ya riga ya ja jan layi a rajista. Wai latti ya yi min yawa a watan nan, don haka ya cire sunana daga bitar da za a tafi mako mai zuwa, ya sa wani. Mai zuwa da wuri shi ke cin bita da kuɗin zama. Wannan ai ba shugaba ba ne, ɗan kasuwa ne. Hedimastan da ya gabace shi ko kallon rajista ba ya yi, kuma haka muke aikinmu lafiya lau.

Alhaji Ɗanlami: Malam, mu 'yan kasuwa me muka yi maka? Yanzu "ɗan kasuwa" zagi ne? Ni a Kantin Kwari gashin kaina ya yi fari, ban taɓa cinye haƙƙin yaron shago ba. Ka janye kalmar nan.

Hajiya Larai: Innalillahi! Wato sayar da gurbin bitar yake yi? Ku kai shi wajen sakataren ilimi mana. Haka wani ya riƙa karɓar kuɗin tsintsiya a makarantar yarana.

Malam Sani: A'a Hajiya, ban ce yana karɓar kuɗi ba.

Hajiya Larai: To me ya sa ka ce ɗan kasuwa?

Abba: Abin da Malam Sani yake nufi mun yi shi a aji lokacin muna NCE. Shugabanci iri biyu ne. Akwai na ba-ni-in-ba-ka, shi ne na mugayen shugabanni masu kafa doka da horo. Akwai kuma na sauya mutane, shi ne na shugaba mai kirki da sauƙin kai. Tsohon hedimastan shi ne na biyun, sabon kuma na farkon. Magana ta ƙare.

Malama Rabi: Abba ƙanina, sunayen ka kawo daidai, amma ka raba musu hali yadda ba haka yake ba. Darasin nan nake koyarwa. Wanda ya yi fice wajen raba su biyu wani Ba'amurke ne, James MacGregor Burns, a 1978, kuma shugabannin siyasa yake nazari, ba hedimastoci ba. Na farkon ba mugunta ba ce, yarjejeniya ce a fili: ka zo kafin takwas, ka kawo shirin darasinka ranar Litinin, ni kuma in rubuta maka shaida mai kyau lokacin ƙarin girma, in ba ka izini ranar da kake da uzuri. Kowa ya san abin da zai bayar da abin da zai samu. Na biyun kuwa ba sauƙin kai ba ne. Shi burinsa ya canza abin da malamin yake so da kansa, har ya zama damuwarsa ita ce yaran ajinsa su iya karatu, ko da jan biro ko babu.

Alhaji Ɗanlami: Kun ji ko? Yarjejeniya a fili. Ai mu abin da muke yi ke nan. Mudu ɗaya ga kowa, ba a auna wa wani da babba wani da ƙarami. Ashe ma yabonsa Malam Sani ya yi bai sani ba.

Malam Sani: Alhaji, malami ba buhun masara ba ne da za a auna shi.

Malam Nuhu: Ni a makarantar nake, bari in faɗi abin da Sani ya tsallake. Ranar farko ta zangon nan hedimasta ya tara mu ya ce jan layi ƙarfe takwas ne, wanda ya faɗa ƙarƙashinsa sau uku a wata ba shi ba bita. Sani yana zaune. Kuma tsohon da yake yabo, sai sha ɗaya yake zuwa, rajistar ma a gidansa take kwana. Ɗan garinsu ne, shi ya sa.

Malam Sani: Nuhu, ka daina sako zancen gari. Kowa ya san kai aka bai wa gurbin nawa.

Malam Nuhu: Na roƙa ne?

Malama Rabi: Ku dakata. In abin da Malam Nuhu ya faɗa haka yake, abu biyu sun fito. Tunda an sanar da dokar tun kafin a karya ta, kuma kowa ake yi wa, to ba-ni-in-ba-ka ne mai tsabta. Da sai bayan ka makara aka ƙirƙiro ta, ko ana ɗaga wa wasu ƙafa, da son rai ne kawai, ba ya cikin ko ɗaya daga biyun. Sannan shugaban da ba ya duba rajista, ba ya shiga aji, ba ya yanke komai, masana sun ware masa nasa gurbin, na ko-in-kula, kuma a wajensu shi ne mafi rauni. Daɗin zama da shi ba ya mai da shi mai sauya mutane.

Inda na ga kuskuren hedimastanku shi ne abin da ya zaɓa ya yi lada da shi. Ba shi ke biyan albashi ba, don haka abin hannunsa kaɗan ne: izini, rabon darasi a jadawali, shaidar ƙarshen shekara, sai bita. Amma in bitar ta koyar da karatu ce a ƙananan azuzuwa, aka tura malamin aji shida don ya fi sammako, yaran aji biyu aka hora, ba Malam Sani ba.

Malam Sani: Allah ya yi miki albarka, Malama. Aji biyu nake riƙe da shi, Nuhu kuma aji shida.

Malam Nuhu: Rabin da ya yi maka daɗi kaɗai ka ji.

Baba Garba: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, ni ma na taɓa yin hedimasta. Na yi jan layin nan kafin a haifi wasunku. Wata makaranta da aka kai ni, cikin zango ɗaya kowa ya koma sa hannu kafin takwas. Na ɗauka na gama aiki. Sai na lura ana sa hannun a wuce gindin darbejiya a kafa hira. Shirin darasi kuwa ana kawo min shi ranar Litinin ba fashi, amma na bara ne aka kwafe aka canza kwanan wata. Abin da na nema shi aka ba ni, ko ƙwayar zarra ba a ƙara ba. Ban ga laifinsu ba, sa hannu na ce ina so.

Wata Laraba na shiga aji uku da littafin Hausa, na riƙa kiran yara ɗaya-ɗaya su karanta min layi guda. Ajin ya haura yara sittin, waɗanda suka iya ba su cika goma sha biyu ba. Ban rubuta wa kowa takardar tuhuma ba. Ranar Juma'a bayan tara na tara malamai, na kira yara biyar suka gwada karatun a gabansu, na sallame su, na ce to ya za mu yi? Shiru ya yi tsawo. Wadda ta fara magana ita ce malamar da ta fi kowa shan jan layi. Ta ce a daina bin aji a awar farko, a haɗa aji biyu da uku a raba su gida uku: waɗanda ba su san baƙi ba, masu haɗa baƙi da wasali, da masu karanta jimla. Na ce ke za ki riƙe shi. Ni kuma na ɗauki rukunin da ba su san baƙi ba, kullum takwas ina kan tabarma da su.

Lattinta ashe ɗanta take kaiwa wajen kakarsa a wata unguwa. Na mai da aikin tsaron ƙofa da taron safe kan wasu, ita dai ta iso kafin awar karatu. Bayan nan ba ta ƙara faɗawa ƙarƙashin layi ba, don yanzu in ta makara tsarinta ne zai tsaya.

Abba: To ai ka ga, Baba. Da ka jefar da jan biro sai aiki ya gyaru.

Baba Garba: Wa ya ce maka na jefar? Har ranar da na bar makarantar ina jan layi.

Malama Rabi: Nan ma masanan suka saɓa. Burns ya ɗauke su kamar gefe biyu ne, kana wannan ko kana wancan. Bernard Bass da ya faɗaɗa maganar a 1985 ya ce a'a, shugaba ɗaya yana yin duka biyun, na biyun a kan na farkon ake ɗora shi. Ba-ni-in-ba-ka zai kawo malami makaranta, amma abin da za a iya ƙirgawa kaɗai yake saya. Kuma ku duba abin da Baba ya yi: ya jefa musu matsalar su yi tunani, ya shiga aikin da kansa, ya binciki uzurin mutum ɗaya. Ga mai son gane irin wanda ake yi a makarantarsa, ya duba ranar da hedimasta ya tafi taro ofishin ilimi. In ƙarfe goma ta yi ajujuwa sun zama filin wasa, ido ne yake riƙe da aikin.

Alhaji Ɗanlami: Ni shagona ko na tafi Umara yarana ba sa wasa. Ashe ni ma mai sauya mutane ne. Malam Sani, har yanzu ba ka janye ba.

Malam Nuhu: Baba, tsarin yana nan har yanzu?

Baba Garba: Ina fa. Aka yi min canjin wajen aiki, ita ma aka ɗauke ta, zango biyu ya mutu. Jan layin ne ya rage, shi kowa zai iya ja.

Malam Nuhu: To ka ji. Abin da ke mutuwa da tafiyar mutum ɗaya ai ba tsari ba ne. Gara doka.

Malama Rabi: Wannan rauni ne na gaske, yana yawan rataya a wuyan mutum ɗaya. Amma zan ce da an rubuta awar karatun a jadawali, an sa kwamitin makaranta ya san da ita, da wuya ta mutu haka.

Baba Garba: An rubuta, 'yata. Wanda ya gaje ni ya goge.

Hajiya Larai: Ni dai har yanzu ba a ce min ko an mayar wa iyaye kuɗin tsintsiyar ba.

Malam Isa (mai kula da zaure): Dare ya yi, bari in tattara. An yi ittifaƙi cewa jan layi daidai ne, hedimasta bai yi laifi ba, kuma Baba Garba da kansa ya tabbatar cewa sauya mutane ba ya ɗorewa. Mu da muke riƙe da makarantu mun san abin da muke fama da shi. Malam Sani ya bai wa Alhaji haƙuri, ya kuma riƙa sammako. Na rufe.

Malama Rabi: Malam Isa, da wa aka yi ittifaƙin? Maganar tura malamin aji shida bitar aji biyu ka bar ta a ina?

Malam Isa: Wannan sai wani zaman, Malama.

Malam Sani: Ban janye ba.