Sanarwar bashin Alhaji na zuwa wayar yaron shagonsa

Lawali: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Don Allah a taimake ni, al'amarin ga ya hana ni barci. Na yi wa wani babban ɗan kasuwa na nan Maradi manhajar Android ta lissafin bashi. Shinkafa da mai da sukari yake saidawa a sari, masu ɗaukar kaya wurinsa suna cikin gari, wasu a Tasawa, wasu a Madarunfa, har Dan Isa. Da can littafi ake rubutawa, ɗansa ne ya matsa aka kira ni, kuma har yanzu akwai ragowar kuɗina a hannunsu. Idan an rubuta wa mutum kaya ko ya biya, sabata na tura mashi sanarwa ta FCM, wato hanyar Google ta aika sanarwa zuwa waya. To wani Alhaji cikin manyan masu ɗaukar kaya ya sayi sabuwar waya, ya ba yaron shagonsa tsohuwar. Yanzu sanarwar Alhajin, har da "Ana bin ka jaka 340", a wayar yaron take fitowa, shi kuwa Alhaji ko ɗaya ba ya samu. Yaron ya gaya ma mutane, magana ta kai wurin mai gidan da na yi wa manhajar, an kira ni an yi min faɗa gaban jama'a. Saba tana nuna saƙo ya tafi lafiya. Mi ke faruwa?

Sanusi: Wa alaikumus salam. Allah shi kyauta. Layi ne, Malam Lawali. Ka bincika, za ka tarar an bar tsohon sim cikin wayar yaron. A cire shi magana ta ƙare.

Lawali: Alhaji ya tafi da layinsa tun ranar. Layin yaron ne a ciki.

Malam Rabe: Sanusi, sim ba shi da hannu cikin wannan. Tokin na FCM bai san lambar waya ba, bai san sunan mutum ba. Ga yadda ake haifar shi: ranar da aka sa manhaja a waya aka buɗe ta, Firebase na ba wannan girkawar shaida tata, sannan manhajar ta nemi tokin ta hanyar Google Play services, a ba ta dogon jerin haruffa. Abin da tokin ɗin ke nufi kawai shi ne "manhajar ga, a cikin wayar ga". Kamar lambar shago ce a Babbar Kasuwa: duk wanda ke zaune ciki yau shi zai karɓi saƙon da aka aiko wa lambar. Wanda ke cewa tokin kaza na Alhaji ne, sabarka ce kaɗai, Google ba ta san da Alhaji ba.

Kuma abin da ka kira "ya tafi lafiya" ma'anarsa FCM ta karɓi saƙon, tokin ɗin na da rai. Ba ta duba a hannun wa wayar take.

Lawali, ka ba mu tarihin littafi da na ɗan mai gida, amma ba ka faɗi abin da nake buƙata ba. A ina kake ajiye tokin, kuma wane lokaci manhaja ke aika shi zuwa saba?

Lawali: A teburin `users` akwai gurbin `fcm_token`, mutum ɗaya tokin ɗaya. Ina aika shi lokacin da mutum ya buɗe sabon asusu, da kuma cikin `onNewToken`. Haka na ga kowa na yi, kuma mutane da yawa suna amfani da ita ba wanda ya koka sai yanzu.

Malam Rabe: To ka gama ba da amsa da bakinka. Bi ni a hankali, ƙanena.

Tsohuwar waya tukuna. Alhaji ya danna fita, ko yaron ya danna mashi. Fita daga asusu ba ta canza tokin. Tokin na canzawa ne in an cire manhaja an sake sa ta, ko an goge bayananta daga saitin waya, ko an maido ta a wata sabuwar waya, ko kai da kanka ka kira `deleteToken()`. Ba ɗaya da ya faru. Yaro ya buɗe nashi asusun, manhaja ta aika tokin ɗin nan dai, ka rubuta shi a layin yaro, ba ka share shi a layin Alhaji ba. Mutum biyu, tokin ɗaya.

Sai sabuwar waya. Alhaji ya sa manhaja, ya buɗe. A daidai nan aka ba ta sabon tokin, `onNewToken` ya tashi, alhali bai kai ga rubuta lambar sirrinsa ba. Manhaja ta aika, saba ta ce ban san wanene ba, ta mayar da 401, aka zubar. Da ya shiga kuma, tunda shiga ce ba buɗe asusu ba, ba ka sake aikawa ba. `onNewToken` ba zai sake tashi don mutum ya shiga ba. Layin Alhaji ya zauna da tokin tsohuwar waya har yau.

In kana son ka gani da idonka, gudanar da wannan:

```sql
SELECT fcm_token, COUNT(*) FROM users
WHERE fcm_token IS NOT NULL
GROUP BY fcm_token HAVING COUNT(*) > 1;
```

Lawali: Na yi. Ba Alhaji kaɗai ba ne, akwai wasu ma. Amma Malam, ai ba laifin tsarin ba ne, mutanenmu ne ke ba da waya hannu zuwa hannu ba su goge komai ba. Wa zai yi tunanin haka?

Iliya: Ni dai shawarata ka bar wahalar tokin. Ka ɗauki IMEI na waya ka ɗaure shi da asusu, waya ɗaya mutum ɗaya, in ya canza sai ya zo ofis a buɗe mashi. Ni abin da ke ci min rai ma daban ne. Na yi wa wata makaranta manhaja, iyaye rabinsu ba su samun sanarwa, tokin lafiya lau, amma ƙananan wayoyin nan masu tsimin batir suna kashe manhaja da zaran an share ta daga jerin waɗanda aka buɗe. Mai makarantar ya riƙe min kuɗi kan abin da ba ni na ƙera ba. Har gida na bi wasu iyayen ina kunna masu izinin tashi da kanta, kuma bayan sun kai waya gyara sai a koma gidan jiya.

Malam Rabe: Iliya, naka ciwon gaskiya ne, manhajar da aka tsayar da ƙarfi ba ta karɓar saƙo sai an sake buɗe ta. Amma ba shi ke damun Lawali ba, nashi saƙon yana isa, ga wanda bai dace ba. IMEI kuwa ka manta da shi, tun Android 10 manhaja irin tamu ba ta da izinin karanta shi. Ko da ka samu, ba za ka iya tura sanarwa zuwa IMEI ba.

Lawali, fitar da tokin daga `users`. Yi teburin `devices`, tokin ya zama ba ya maimaituwa:

```sql
INSERT INTO devices (token, user_id, updated_at)
VALUES (?, ?, NOW())
ON DUPLICATE KEY UPDATE user_id = VALUES(user_id), updated_at = NOW();
```

Da haka duk wanda ya shiga ƙarshe a waya, tokin ya koma nashi, na baya ya saki ko bai so ba. Kuma mutum ɗaya zai iya riƙe waya biyu, wanda a garin nan kusan kowane ɗan kasuwa haka yake. Ka aika tokin wuri uku: bayan shiga, cikin `onNewToken` in akwai wanda ya shiga, da duk buɗe manhaja. In mutum ya fita, goge layin a saba sannan ka kira `deleteToken()`. In FCM ta mayar maka da `UNREGISTERED`, wato 404, goge tokin nan take. Wannan ita ce hanya, babu wata.

Hadiza: Malam Rabe, da girmamawa, akwai ramin da ka tsallake. Goge layi a saba da `deleteToken()` duka biyun sai da intanet. Mutumin da ke ƙauye bayan Gidan Rumji, rezo ya ɗauke ko megarsa ta ƙare, ya danna fita ya miƙa waya, wa zai gaya ma saba? In sabon mai wayar bai taɓa shiga asusu ba, teburinka ba zai gyara kansa ba, sanarwa za ta ci gaba da sauka. Ga shi FCM na riƙe saƙo har sati 4 in ba ka rage `ttl` ba, wato saƙon da aka tura kafin a miƙa waya zai iya fitowa bayan an miƙa ta.

Ni yadda nake yi, ba na tura `notification`, `data` zalla nake turawa da `user_id` a ciki. Manhaja ta karɓa a `onMessageReceived`, ta duba ko wanda ke ciki yanzu shi ne mai saƙon, in ba shi ba ne ta yar. Irin `notification` kuwa, in manhaja ba a buɗe take ba, Android ce ke nuna shi kai tsaye, kodinka ba ya ganin shi balle ya hana. Kuma Lawali, don Allah, mi ya kai adadin bashin mutum kan fuskar waya? Ka rubuta "Kana da sabon saƙo", in ya buɗe ya gani. Wannan a saba ne, yau ma za ka iya canza shi.

Malam Rabe: Hadiza, saƙon `data` sai kodin manhaja ya tashi kafin a nuna komai, kuma kin ji abin da Iliya ya faɗa kan wayoyin da ke hannun mutanenmu. Za a tsare sirri a rasa sanarwa. Maganar fita ba intanet, sai a ajiye alama a waya, a ƙarasa gogewar in rezo ya dawo.

Hadiza: In ba wanda ya sake buɗe manhajar fa? Ni gara saƙo ya makara da a sake tona asirin wani.

Lawali: Na gode duka. Amma adadin kuɗin mai gida ne ya ce lallai a sa, ya ce in mutum bai ga lambar da idonsa ba ba ya motsi. Kuma duk abin da kuka faɗa sai na fitar da sabuwar manhaja. Tawa ba ta Play Store, hannu da hannu ake tura ta, wasu suna kan ta farko har yanzu. Ba zan iya bin su Tasawa da Dan Isa ɗaya bayan ɗaya ba. Ba yadda za a yi daga saba kawai? Ina tunanin in goge tokin a layin Alhaji da hannu, in ce ya cire manhajar ya sake sawa.

Malam Rabe: Gogewar za ta tsayar da zubar sirrin Alhaji, ka yi ta yanzu, har da sauran da ka gani, ka bar tokin ga wanda ya buɗe asusu daga baya. Sake sawar kuwa ba za ta yi komai ba. Sabon tokin zai fito kafin ya shiga, a sake zubar da shi kamar na farko. Tsohuwar manhajarka ba ta aika tokin a shiga, saba ba za ta ƙirƙiro abin da ba a aiko mata ba.

Sanusi: To ya buɗe ma Alhajin sabon asusu mana, tunda nan ne ake aikawa, sai a kwashe lissafinsa a mayar can.

Malam Rabe: Zai yi aiki ga mutum ɗaya. Na gaba da ya canza waya fa?

Lawali: Ta Sanusi zan bi tukuna, gobe da safe ake jirana a shagon. Teburin `devices` ban ƙi ba, amma sai an biya ni ragowar kuɗina. Malama Hadiza, `ttl` ɗin nawa kike sawa a naki?