Yadda za a jera abubuwa a waƙar lissafo

An daɗe ana tattaunawa kan waƙar da take lissafo abubuwa ɗaya bayan ɗaya, to ga abin da na tsinta.

1. Kusan kowa ya yarda matsalar ba yawan abubuwan ba ce, maimaita ji iri ɗaya ne. Wani ya kawo misalin waƙar kewar mahaifiya da ta rasu: in ka ce mayafinta, takalminta, zobenta, duk abu ɗaya kake faɗa sau uku. Amma ka fara da mayafinta a rataye, ido ne ya gani, sai ƙamshinta da bai bar ɗakin ba, yanzu abin ya shiga jiki, sai lambarta da har yau ka kasa gogewa a waya, nan kam mawaƙin ya tona kansa. Ni wannan misalin ya fi kama ni wallahi.

2. Gwaji mai sauƙi, ka sauya wa layuka biyu wuri, in babu abin da ya canza to ɗayansu bai da aiki, cire shi.

3. An rabu kan ƙarshe. Wasu sun ce mafi nauyi shi zai zo ƙarshe, wasu kuma suka ce a'a, a sa shi na kusa da ƙarshe sannan a rufe da ɗan ƙaramin abu kamar kofin da mahaifiyar take shan ruwa, wai ya fi tsayawa a zuciya.

4. Yawa kuwa, akasari sun ce uku ko huɗu a baiti, sai amshi ya shigo mai sauraro ya numfasa.