Watan da ya fi sauran watanni riba a kasuwar hannun jari: me kuka gani da kuka gwada?

Ɗalibar Lissafi:
Assalamu alaikum, malamai da yayye. Ina aikin kammala karatu a kan kasuwar hannun jari ta Najeriya, kuma ina so in ji daga waɗanda suka taɓa yin irin wannan gwaji da hannunsu. Na ɗauki ma'aunin kasuwar NGX da ake kira All-Share Index, na fitar da adadinsa na ranar ƙarshe ta kowane wata daga Disambar 2004 zuwa Disambar 2024, na lissafa hawa ko faɗuwar kowane wata a kan wanda ya gabace shi, sai na samu watanni 240, wato kowane wata ya zo sau 20. Daga nan na yi gwajin t sau goma sha biyu, ina kwatanta kowane wata da sauran sha ɗayan. Wata guda ya fito da ƙimar p ƙasa kaɗan da 0.05, iyakar da aka saba ɗauka a matsayin alamar cewa bambancin ba dace ba ne kawai, kuma na yi murna ƙwarai har na fara rubuta babin sakamako, amma malamin da ke duba aikina ya mayar mini da takardar da tambaya ɗaya a gefe: gwaji nawa kika yi kafin ki sami wannan? Ba zan ambaci sunan watan ba tukuna, domin ina so a yi maganar hanyar gwajin, kada hankali ya tafi kan watan.

Malamin Ƙididdiga:
Wa alaikumus salam. Malama, tambayar malaminki ita ce gaba ɗayan al'amarin, kuma na gane nauyinta ne a cikin aji. Na taɓa sa ɗalibaina kowa ya cika layi 240 a Excel da `=NORM.INV(RAND(),0,1)`, lambobin da babu wata kasuwa a bayansu, ya jera musu sunayen watanni a gefe, sannan ya yi irin gwajin da kika yi. Da na ce wanda ya sami wata mai ƙimar p ƙasa da 0.05 ya ɗaga hannu, kusan rabin ajin suka ɗaga, har wani ya fara kawo dalilin da ya sa Agustansa ya bambanta.

Dalilin a fili yake. Kowane gwaji guda yana da damar 5 cikin 100 ya nuna bambanci alhali babu shi, kuma idan aka yi goma sha biyu, damar a ce duka sun tsallake wannan kuskure ita ce 0.95 a ninka ta da kanta sau 12, wato kusan 0.54. Saura 0.46 ke nan, kusan rabi, cewa aƙalla wata guda zai fito ko da kasuwar ba ta san kalanda ba. Gyara mafi sauƙi shi ne na Bonferroni: ki raba 0.05 gida goma sha biyu, ki sami kusan 0.004, kuma kada ki karɓi wata sai ƙimarsa ta sauka ƙasa da haka. Da a ce kin rubuta tun kafin ki buɗe bayanan cewa Janairu kaɗai za ki gwada, da 0.05 ya ishe ki. Amma tunda bayanan ne suka zaɓa miki watan, dole ki biya kuɗin zaɓen.

Mai Sayen Hannun Jari Tun 2007:
Malam, ban musa lissafinka ba, amma kada a sa yarinyar nan ta ɗauka cewa duk abin tatsuniya ne. Tasirin Janairu sananne ne: Rozeff da Kinney sun nuna shi a 1976 da bayanan kasuwar New York na 1904 zuwa 1974, inda matsakaicin Janairu ya kai kusan kashi 3.5 cikin 100, sauran watanni kuwa kusan rabin kashi ɗaya. Dalilinsa ma an bayyana shi, cewa masu jari suna sayar da hannayen da suka faɗi a Disamba domin su rage haraji, sannan su dawo su saya a sabuwar shekara. Ni shekaru da dama ina saye a ƙarshen Disamba saboda haka, kuma a Janairun 2024, da ma'aunin kasuwarmu ya tashi da kusan kashi 35 cikin 100, na ga amfaninsa da idona.

Tsohon Dillali:
Alhaji, binciken da ka ambata gaskiya ne, sai dai akwai abubuwan da ba su biyo shi zuwa Legas ba. Wancan ma'aunin ya bai wa kowane kamfani nauyi ɗaya, don haka ƙananan kamfanoni ne suka ja shi, kuma Keim ya nuna a 1983 cewa a wurinsu tasirin ya fi taruwa. Namu ma'aunin kuwa manyan kamfanoni ƙalilan ne ke jan ragamarsa. Batun haraji ma ba ɗaya ba ne, domin an shafe shekaru masu yawa ba a karɓar haraji a kan ribar sayar da hannun jari a Najeriya, sai da dokar kuɗi ta 2021 ta dawo da shi a kan manyan cinikayya. Idan babu harajin da za a guje wa a Disamba, me zai sa a yi rububin sayarwa?

Kuma tunda ka tuna Janairun 2024, ni na kasa manta Janairun 2009. Ina kan teburina a lokacin, wayar ofis ba ta daina ƙara, kowa yana cewa a sayar masa ko nawa ne, ga umarnin sayarwa jibge babu mai saye, kuma watan ya ƙare ma'aunin ya zube da kusan kashi 30 cikin 100. Wanda ya sayi hannun jari a Disambar 2008 da fatan tasirin Janairu ya san abin da ya same shi.

Malamin Ƙididdiga:
Waɗannan Janairu biyu da kuka kawo sun isa mu yi lissafin da zai amfani ɗalibarmu, domin duka suna cikin shekarunta 20. Na 2024 shi kaɗai yana ƙara wa matsakaicin Janairu 35 a raba 20, wato kashi 1.75, na 2009 kuma yana rage masa kashi 1.5, don haka cire shekara ɗaya tak yana iya sauya labarin gaba ɗaya. Tsakanin su biyun akwai tazarar maki 65, kuma ko da sauran Janairu 18 duk sun zauna daidai a tsakiyar wannan tazara, ma'aunin warwatsuwar Janairu ba zai gaza kusan 10.5 ba. Idan aka raba 10.5 da tushen 20, wato 4.47, kuskuren da ke tattare da matsakaicin ya kai kusan 2.35. Ma'anarsa ita ce, kafin a ce matsakaicin Janairu ya bambanta da sifili a gwaji guda, sai ya kusan kai kashi 5 cikin 100, idan kuma aka yi gyaran gwaji goma sha biyu, sai ya haura kashi 7. Wannan shi ne abin da ke damuna da irin wannan bincike: mutum yana ganin lambobi 240 sai ya ji yana da bayanai masu yawa, alhali ga tambayar da yake yi, 20 kawai yake da su. Rashin samun sakamako a nan ma ba hujja ba ce cewa babu tasirin. Yana iya kasancewa akwai shi ƙarami, shekarun ne ba su kai su bayyana shi ba.

Mai Shago a Kwari:
Ku gafarce ni, ni ban san wannan lissafi ba, amma a wurinmu babu mai shakkar cewa ciniki yana da lokaci. Daga tsakiyar azumi zuwa jajibirin Sallah atamfa da shadda ba sa kwana a kanta, kuma ɗan'uwana da ke Dawanau ya san hatsi yana araha da kaka, ya yi tsada idan damina ta yi nisa. Shekara ashirin ina rubuta cinikina a littafi, ban taɓa ganin lokacin ya saɓa ba. Me zai sa hannun jari ya fita daban?

Tsohon Dillali:
Alhaji, hatsi da atamfa ajiyarsu tana cin kuɗi da wuri, ga ƙwari ga sauyin yayi, shi ya sa bambancin farashinsu yake dawwama ko da kowa ya san da shi. Hannun jari ba ya buƙatar rumbu, don haka idan jama'a suka tabbata zai tashi a Janairu, za su saye shi tun Disamba, tashin ya matso gaba ko ya dushe. Amma ka tuna mana abu mai amfani: azumi yana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara a kalandar Miladiyya, saboda haka idan yana da wani tasiri a kasuwa, gwajin Janairu zuwa Disamba ba zai kama shi ba, sai an sake jera bayanan bisa watannin Hijira.

Malama, ga wani tarko da ni kaina na faɗa ciki. Na taɓa lura cewa hannayen jarin bankunan da nake bi suna yin rauni a wajajen Afrilu da Mayu, har na fara shawartar abokan hulɗa su kauce wa lokacin. Daga baya na gane cewa lokacin ne ake rage farashin hannun jari daidai da ribar shekara da kamfani zai raba wa masu shi. Kuɗin bai ɓace ba, ya shiga asusun mai jari ne, amma jadawalina na farashi kaɗai bai nuna shi ba. Ma'aunin da kika ɗauka shi ma farashi yake bi, ba ya haɗa ribar da aka raba, don haka ki duba wannan idan watanki ya faɗo a wannan tsakani.

Ɗalibar Lissafi:
Na gode ƙwarai, Baba, watan nawa ba ya cikin lokacin rabon riba. Na bi shawarar Malam, kuma da ma'aunin 0.004 bai tsallake ba, ko kusa. Na kuma gwada wata hanya da ta fi kwanta mini a rai, domin tambaya ɗaya take yi wa watannin duka: na auna tazarar da ke tsakanin watan da ya fi kowa da wanda ya fi kowa ƙasa, sannan na yamutsa sunayen watannin sau 5,000 in ga sau nawa sa'a kaɗai ke samar da tazara irin wannan. A nan ƙasa, P shi ne jerin adadin ma'aunin na ƙarshen kowane wata.

```python
import numpy as np
r = P.pct_change().dropna()
w = r.index.month.values
def tazara(x, w):
    m = x.groupby(w).mean()
    return m.max() - m.min()
T = tazara(r, w)
k = sum(tazara(r, np.random.permutation(w)) >= T for _ in range(5000))
p = (k + 1) / 5001
```

Tazarar da na samu a bayanan gaskiya ta faɗo cikin abin da yamutsawar ke samarwa a kai a kai. Da na raba shekarun gida biyu, 2005 zuwa 2014 da 2015 zuwa 2024, watan nawa ya yi fice a rabi ɗaya kawai.

Malamin Ƙididdiga:
Madalla, ki rubuta wannan yadda ya zo, har da yawan gwaje-gwajen da kika yi. Abu ɗaya ne ban gamsu da shi ba a yamutsawar. Tana ɗaukar kowane wata kamar ba ruwansa da maƙwabcinsa, alhali watannin tashin hankali a jere suke zuwa, kamar yadda aka gani daga 2008 zuwa 2009. Ni na fi son a bar kowace shekara da jerinta, a juya farkonta kawai zuwa wani wata da aka zaɓa da ka, amma wani abokin aikina yana ganin a bayanan wata-wata bambancin ba zai taka kara ya karya ba, kuma har yau ba mu daidaita ba. Ki gwada duka biyun ki kawo mana ƙimar p ta kowanne.

Mai Sayen Hannun Jari Tun 2007:
Na ji bayanin haraji, kuma na karɓa. Sai dai har yanzu ina ganin a ƙananan kamfanonin kasuwarmu ya kamata a nemi abin, tunda can aka same shi a New York. Malama, idan kina da farashinsu na ƙarshen wata, ki ware su ki gwada Janairu shi kaɗai, kuma ga shi na faɗi watan tun kafin ki duba.