Na danna maɓalli biyu, enkoda ta nuna lambar da ban taɓa ba

Ɗalibin Lantarki: Assalamu alaikum. An ba mu aikin haɗa enkoda mai mashiga huɗu, D0 zuwa D3, da mafita biyu, Y1 da Y0, masu nuna lambar maɓallin da aka danna. Na yi amfani da `Y1 = D2 + D3` da `Y0 = D1 + D3`. Ɗaya bayan ɗaya lafiya lau take aiki, amma da na danna D1 da D2 tare sai fitilu biyun suka kama, wato 11. Malam ya ce in mayar da ita mai fifiko, in kuma bayyana abin da ke faruwa idan an danna da yawa. Ta ina zan fara?

Mai Gyaran Rediyo: Wa alaikumus salam. Yaro, duba wayoyinka tukuna. In ka bar ƙafar aisi tana lilo ba rizisto, komai ma za ka iya gani. Sa 10k daga kowane maɓalli zuwa ƙasa.

Malama Injiniya: Baba, shawarar rizisto tana kan hanya, ya sa su, amma ba nan ciwon yake ba. Ƙanena, haɗinka ya yi abin da ka umarce shi ne. D1 ya kunna Y0, D2 ya kunna Y1, kowa ya yi nasa, suka haɗu suka ba da 11, lambar D3 da ba wanda ya taɓa shi. Lissafin nan naka an gina shi ne a kan sharaɗin cewa mashiga ɗaya tak za ta kunnu a lokaci guda.

Ka fara yanke wane ne babba. A al'ada mai lamba mafi girma ake ba wa, wato D3. Sai ka sake jadawalin, ka sa X a duk inda ba ruwanmu da 0 ne ko 1, ka kuma ƙara mafita V mai nuna ko an danna wani maɓalli:

```
D3 D2 D1 D0 | Y1 Y0 V
0  0  0  0  | X  X  0
0  0  0  1  | 0  0  1
0  0  1  X  | 0  1  1
0  1  X  X  | 1  0  1
1  X  X  X  | 1  1  1
```

Layuka biyar ɗin nan sun rufe yanayi 16 duka. Na ƙarshe kaɗai ya ɗauki 8. Y1 bai canza ba. Y0 ne ke buƙatar gyara, domin D1 ba shi da baki muddin D2 na kunne:

```
Y1 = D3 + D2
Y0 = D3 + D2'·D1
V  = D3 + D2 + D1 + D0
```

Gwada naka: D2 na 1, don haka `D2'` ya zama 0, ya toshe D1. Y0 ya mutu, ka samu 10, wato 2. NOT ɗaya da AND ɗaya ka ƙara.

Ɗalibin Lantarki: Na gode Malama. To V ɗin fa, dole ne?

Malama Injiniya: Dole ne. Saki duk maɓallan, za ka ga 00. Danna D0, 00 ɗin dai. V ce kaɗai ke raba maka su.

Ɗan Kacici-kacici: Wannan fa shi nake nema don gasar makarantarmu! Wanda ya riga dannawa shi ne zai fito, ko?

Malama Injiniya: A'a ɗan'uwa, kada ka zalunci yara. Enkodar nan ba ta riƙe komai, ba ta san wanda ya riga wani ba, matsayi kawai take dubawa. Ko D0 ya daɗe da dannawa, D3 na taɓawa zai ƙwace. Kai filif-fulof kake buƙata, wanda zai kama na farko ya kulle sauran.

Tsohon Ɗalibi: In ka koma kan aisi 74LS148 mai mashiga takwas, ka yi hattara, ni ta cinye mini kwana biyu. Komai nata a juye yake: 0 ne kunnawa, a shiga da fita. Na kunna mashiga ta 5 ina jiran 101, sai na ga 010, na ɗauka ta ƙone. Kuma sai ka kai EI, ƙafar da ke kunna aisin, ƙasa za ta yi aiki. GS ita ce V ɗinta, tana sauka 0 in an danna wani abu. CD4532 ta fi sauƙin karantawa don ba a juye take ba.

Mai Gyaran Rediyo: Ni abin da bai kwanta mini ba, in babban ya maƙale a kunne, ƙananan sun shiga uku ke nan?

Malama Injiniya: Haka ne Baba, ba za a taɓa ganinsu ba sai ya sauka. Shi ya sa a wasu na'urori ake juya fifikon bi da bi, amma wannan sai da abin da zai tuna wanda aka saurara a baya.

Tsohon Ɗalibi: Ni ina ganin ya isa a riƙa kashe buƙatar babban da zarar an biya ta.

Malama Injiniya: In yana dawowa kafin a waiwayi na ƙasa fa?

Ɗalibin Lantarki: Na ƙara NOT da AND ɗin yanzu. D1 da D2 sun ba da 10, duka huɗun tare 11. Saura V, gobe zan sayo wata fitilar.