Kashin kaji a bakin masara: ta ina zan ɓullo masa?

Sadiq Tumfure: Salam jama'a. Akwai wani mai noman rani a Dadin Kowa, sa'ana ne, masara da tumatir yake yi. So nake mu haɗa hannu, in riƙa ba shi kashin kajina shi kuma ya ba ni masara. Kaji 500 ne masu ƙwai. Ban san yadda zan fara masa maganar ba kar ya ɗauka roƙo na zo.

Maman Hanif: Wslm. Kar ka yi ta waya dai, ka je gonar.

Bappa Usman: Sadiq ɗana, kafin ka je ka zauna ka yi lissafi. Kaza mai ƙwai tana cin kusan giram 120 a rana, 500 kenan kilo 60, kusan rabin abincin kuwa masara ce, to ka ga wajen buhu 9 na kilo 100 kake buƙata a wata. Kashinka ba zai biya wannan ba ko kusa. Saboda haka ba musaya za ka kai masa ba. Ka ce masa kai mai saye ne na dindindin, buhu kaza duk wata, ba dillali ba la'ada, ga kuma taki da za a ajiye masa tun kafin lokacin shuka da kowa ke rububi. Ribarsa za ka fara faɗa, taka ta biyo baya.

Auwalu Pantami: Ni dai da za ka ji tawa ka sayar da kashinka ka karɓi kuɗinka ka shiga kasuwa. Na yi irin wannan da wani manomi, baki da baki muka yi, buhu kaza na taki a kan buhu ɗaya na masara, lokacin kaka ce masara ta yi araha kowa na murna, na kwashe ɗaki biyu na loda masa har kuɗin mota ni na biya saboda ba mu yi maganar wa zai biya ba, da masara ta tashi sai mutumin nan ya fara yau gobe, in na kira ya ce yana jana'iza. Ƙarshe da ya kawo, wadda ba ta gama bushewa ba ce, ka zura hannu cikin buhu ka ji ɗumi, ga warin fumfuna. Na niƙa na ba su haka, ƙwai ya ragu, wasu suka fara zawo. Yanzu ko gaisawa ba ma yi sosai.

Bappa Usman: Auwalu, buhu da buhu ne ya kashe ku. Kowane kaya a yi masa kuɗi da farashin ranar da aka kawo, a rubuta, mai cikowa ya cika.

Modu: Bafulatani da lissafin masara, ikon Allah. Bappa a koma wajen nagge 😂

Bappa Usman: Kai Babarbare yi shiru, manya na magana.

Hajiya Ladi: Wai kashin ne na sayarwa? Nawa buhu? Ina so don lambuna a bayan gida.

Sadiq Tumfure: Hajiya ba talla nake ba tukuna 😅

Injiniya Kabiru: Ka kai masa buhu 5 kyauta ya zuba a kwami biyu uku ya gani da idonsa, ya fi dogon bayani. Yau ka kwashe gobe ya zuba, aiki ya fara.

Maman Hanif: Gwajin ya yi, amma ɗanye? Haba Injiniya. Ɗanyen kashin kaji ƙona dashen tumatir yake yi, ranar da ganye ya ƙone kuma shikenan maganar haɗin gwiwa ta mutu. A tara shi a inuwa, a ɗan yayyafa ruwa ana juyawa har zafin ya fita warin ya kwanta. Kuma Sadiq ka gaya masa gaskiya in da garin katako a ciki, don bai kai na keji zalla ƙarfi ba, manomi yana ganewa.

Injiniya Kabiru: Mu a masara muna zubawa haka ba abin da ya faru.

Maman Hanif: Kafin shuka kuka zuba ko a gindinta?

Auwalu Pantami: Ku sa shaida dai. Kuma motar da ta kai kashi kar a loda masarar kaji a ciki ba a wanke ba.

Sadiq Tumfure: To ita takardar fa, ba zai ga kamar ban yarda da shi ba? Ƙanin matar yayana ne fa.

Modu: Au, surukai ne ashe. To Allah ya ba da sa'a, ni na fita.

Bappa Usman: Shi ya fi buƙatar rubutun ma. Ka ce don ka riƙa tunawa ne, kuma na rani ɗaya kawai, in an ji daɗi a sabunta.

Auwalu Pantami: Da dangi kam ni ban ba da shawara ba sam.

Hajiya Ladi: Har yanzu ba wanda ya faɗa min kuɗin buhu.